Kafin a Raba Takarda: Darasi Daga Tambayoyi Kan Agadas

Idan ɗalibi ya yi kuskure a jarrabawa, jan biro na jiran sa. Idan kuwa takardar tambayoyin ce ta zo da kuskure, galibi babu mai kama ta, domin wanda ya rubuta ta shi ne ya rubuta takardar amsoshi, shi ne kuma zai zauna ya duba aikin ɗalibai. Ta haka kuskure ɗaya yakan bi takardu ɗari yana cin maki ba tare da an lura ba. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, bai halatta a miƙa wa ɗalibai takardar jarrabawa ba sai wani malami na biyu, wanda ba shi ya tsara ta ba, ya bi kowace shekara da kowane suna da kowane iƙirari da ke cikinta, ya gwada su da tushensu. Idan kuma ya tarar masana sun saɓa a kan wani batu, tambayar ce ya kamata a sauya. Ba daidai ba ne a zaɓi amsa ɗaya a ci tarar wanda ya kawo ɗayar.

Tarihin Agadas da harsunanta sun dace da gwada wannan ra'ayi, saboda gari ne da labarinsa ya zo ta hanyoyi da dama: rubuce-rubucen Larabci na fadar Sarkin Abzin, da littattafan matafiya Turawa, da takardun mulkin Faransa, da kuma bakin mutanen gari. Kowace hanya da irin lissafin shekarunta da irin rubuta sunayenta. A ɗauka wani malami ya tsara gajeriyar jarrabawa mai tambaya biyar a kan yankin, kowace tambaya da maki huɗu, jimla ashirin kamar yadda aka saba a makarantun Nijar. Tambayoyin su ne: shekarar da aka gina babban masallacin Agadas, shekarar da aka kafa sarautar Abzin, sunan Sarkin Agadas da ya yaƙi Faransawa a 1916, dalilin da ya sa Hausa ta kasance harshen mutanen Agadas tun kafuwar garin, da kuma dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijar. Duk wanda ya karanta su da sauri zai ce babu aibu. Amma babu ɗaya daga cikin biyar ɗin da za ta wuce hannun mai tantancewa na ƙwarai yadda take.

Shekaru

Tambayar masallaci tana neman shekara ɗaya, takardar amsoshi kuma ta ce 1515. Wannan ita ce shekarar da aka fi dangantawa da ginin farko, a zamanin da Askiya Muhammadu na Songai ya kai yaƙi Agadas. Sai dai an sake gina hasumiyar a 1844, kuma ita ce hasumiyar laka mai tsawon mita 27 da ake hangowa yau daga nesa da gari. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya zauna a Agadas a watan Oktoba na 1850, ya same ta sabuwa, ƴan shekaru kaɗan bayan aikin. To, ɗalibin da ya rubuta 1844 bai yi ƙarya ba, musamman idan an ɗora hoton hasumiyar a saman tambayar. Laifin na kalmar «gina» ne, wadda ta haɗe ginin farko da sabuntawa wuri ɗaya. Gyaran kuwa bai fi kalma biyu ba: a ce «aka fara gina», ko a ce «aka sake gina hasumiyar». Mai tantancewa ba zai gano wannan ba idan abin da ya yi kawai shi ne ya buɗe littafi ya ga 1515 ya ce daidai ne. Sai ya tambayi kansa ko akwai wata shekara ta gaskiya da ita ma za ta iya amsa wannan jimla kamar yadda aka rubuta ta.

Tambayar kafuwar sarauta ta fi wannan sarƙaƙiya. Jerin sarakunan Abzin ya zo ne a rubuce-rubucen Larabci, waɗanda Yves Urvoy ya fassara zuwa Faransanci ya buga a 1934, kuma lissafinsu na Hijira ne. Shekarar da aka danganta da hawan Yunusa, sarki na farko, ita ce 807. Shekarar Hijira tana da kwana 354 ko 355, wato ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka farkonta da ƙarshenta kan faɗa cikin shekaru biyu na Miladiyya. Hanya mai sauƙi ta kimantawa ita ce a ninka shekarar Hijira da 0.97 a ƙara 622. Idan aka yi wa 807 haka, za a sami 1404 da ɗoriya mai kusan cika 1405. Teburin juya kalanda ya nuna cewa 807 ta kama ne a watan Yuli na 1404, ta ƙare a watan Yuni na 1405. Saboda haka marubucin da ya ce 1404 da wanda ya ce 1405 duk abu ɗaya suke faɗa, tunda tushen bai ba da wata ba. Takardar amsoshin da ta karɓi 1405 ta ƙi 1404 tana nuna tabbacin da tushen kansa ba shi da shi.

Ba a nan matsalar ta tsaya ba. Sarakunan farko ba a Agadas suka zauna ba. An ambaci Tadaliza a matsayin mazauninsu na farko, sai daga baya a cikin ƙarni na 15 fadar ta koma Agadas. Shi ya sa wasu littattafai ke ba da 1449, shekarar da ta fi kusa da zamanin zaman fadar a garin. Ɗalibin da malaminsa na sakandare ya koya masa 1449, da wanda ya karanta littafin Djibo Hamani na 1989 a kan sarautar Ayar, za su ba da amsa daban-daban, kuma kowannensu yana da madogara. Mai tantancewa yana da zaɓi biyu. Ko dai a tambayi ƙarni maimakon shekara, tunda duk shekarun uku suna cikin ƙarni na 15, ko kuma a fayyace abin da ake nufi, hawan sarki na farko ko komawar fada Agadas, sannan a rubuta a takardar amsoshi cewa 1404 da 1405 duk karɓaɓɓu ne.

Daga waɗannan misalai biyu ana iya fitar da ƙa'idar aiki. Duk shekarar da ta gabaci zuwan Turawa a tarihin ƙasar Hausa da Abzin, a fara da neman asalinta na Hijira, a ga ko ta raba ƙafa tsakanin shekaru biyu. Duk aikatau irin su «gina» da «kafa» da «ci» da «fara», a bincika ko abin ya faru sau ɗaya ne ko fiye. Askiya Muhammadu kansa sau biyu ya kai yaƙi Abzin, a wajajen 1500 da kuma wajajen 1515, don haka tambayar da ta ce «a wace shekara Askiya ya yaƙi Agadas» ita ma tana da amsa biyu.

Sunaye

Tambaya ta uku ta nemi sunan Sarkin Agadas da ya yaƙi Faransawa a 1916, takardar amsoshi kuma ta ce Kawsan. A nan kuskuren ya fito fili. Kawsan jagoran yaƙi ne daga ƙabilar Ikazkazan, mai alaƙa da ɗariƙar Sanusiyya, wanda ya zo da mayaƙa da makamai daga arewa ya yi wa barikin Faransawa na Agadas ƙawanya daga tsakiyar Disamban 1916, har dakaru suka zo daga Damagaram suka kwance ta a ranar 3 ga Maris 1917. Bai taɓa zama Sarkin Agadas ba. Sarkin wancan lokaci Abdurrahman Tagama ne, wanda ya haɗa kai da Kawsan, ya kuma rasu a hannun Faransawa a 1920, shekara ɗaya bayan an kashe Kawsan a Murzuk ta ƙasar Fezzan. Yaƙin ya shahara da sunan Kawsan, shi ya sa hannun mai tsara tambaya ya zame ya ba shi rawanin da ba nasa ba. Sakamakon shi ne, ɗalibin da ya san tarihin sosai ya rubuta Tagama zai rasa maki huɗu, wanda ya haddace suna ɗaya tilo kuma ya samu.

Wannan shi ne abin da ya fi muni a kuskuren takardar jarrabawa: ba ya faɗa wa ɗalibai daidai wa daida. Ya fi cin wanda ya fi karatu. A lissafa a gani. Ɗalibi ya amsa tambaya uku daidai cikin biyar, ya cancanci 12 bisa 20, ya haye. Idan ɗaya daga cikin ukun ita ce ta Tagama, sai ya koma 8, ya faɗi. Abokinsa da ya amsa biyu daidai ya kuma rubuta Kawsan zai tashi daga 8 zuwa 12. Kuskure ɗaya ya musanya wa mutum biyu matsayi, kuma babu wanda zai sani cikinsu, tunda ba kasafai ake nuna wa ɗalibai takardar amsoshi ba.

Ko da an gyara tambayar ta koma neman sunan jagoran yaƙin, sauran batun rubutu. Littattafan Faransanci suna rubuta Kaocen, wasu kuma Kaossen ko Kawsen, mai rubutu da ƙa'idar Hausa kuwa zai rubuta Kawsan ko Kausan. Haka yankin kansa: Aïr a Faransanci, Ayar a bakin masu shi, Abzin ko Azbin ko Asbin a Hausa. Garin ma Agadez ne a taswirar yau, Agadès a tsofaffin takardu, Agadas a Hausa. Ɗaliban ilimin harsuna sun san dalilin wannan: suna ɗaya ne ya ratsa tsarin sauti da tsarin rubutu na harsuna uku ko huɗu, kowane ya lanƙwasa shi yadda ya dace da bakinsa. Aikin mai tantancewa shi ne ya jera dukkan siffofin da za a karɓa a takardar amsoshi tun kafin jarrabawa. In ba haka ba, idan malamai uku suka raba takardu don dubawa, ɗaya zai karɓi Kausan, ɗaya ya ba da rabin maki, na uku ya soke, makin ɗalibi ya koma dogara da hannun da takardarsa ta faɗa.

Akwai kuma tarkon sunaye masu kama da juna, wanda al'adar sa sunan uba bayan na mutum ta yawaita a Nijar. Diori Hamani shi ne shugaban ƙasa na farko, kuma littattafai da yawa suna juya sunan su ce Hamani Diori. Djibo Hamani masanin tarihi ne, marubucin littafin da aka ambata a sama. Djibo Bakary kuma jagoran jam'iyyar Sawaba ne. Tambayar da ta ce «a cewar Hamani» ko «a zamanin Djibo» ba ta ambaci kowa ba tukuna. Dokar a nan gajeriya ce: cikakken suna a karon farko, tare da muƙami ko aikin mutumin.

Iƙirarin da ke ɓoye cikin tambaya

Tambaya ta huɗu ita ce ta fi shafar masu nazarin harshe, kuma ita ce ta fi wuyar kamawa, domin babu shekara ko suna a cikinta da za a je a duba. Ta ce a bayyana dalilin da ya sa Hausa ta kasance harshen mutanen Agadas tun kafuwar garin. Duk tambayar da ta fara da «me ya sa» ko «bayyana dalilin» ta riga ta ɗauki abin da ya biyo baya a matsayin gaskiyar da ba a jayayya a kanta. Ɗalibi ba shi da hurumin musanta shi. An umarce shi ne ya kawo hujja a kai. Saboda haka mai tantancewa yakan juya kowace irin wannan tambaya ta koma jimlar bayani, ya karanta ta a haka: «Hausa ce harshen mutanen Agadas tun kafuwar garin.» Da zarar an rubuta ta haka, sai a ga tana buƙatar shaida.

Shaidar kuwa ba ta goyi bayanta ba. Da Barth ya isa Agadas a 1850, ya tarar mutanen garin suna magana da wani harshe na dangin Songai, wanda ya rubuta sunansa Emghedesie, ya tattara kalmominsa, ya kuma lura da kusancinsa da harshen Tumbuktu. Hausa tana nan a lokacin a matsayin harshen kasuwa da hulɗa, daga baya ne ta maye gurbin wancan harshe har ya ɓace daga garin. Ɗan'uwansa na kusa, Tasawak, yana raye har yau a Ingal, yamma da Agadas, kuma masana irin su Robert Nicolaï sun sanya su a rukunin Songai ta Arewa, harsunan da suka ɗebi kalmomi masu yawa daga Tamajak. Gaskiya ne akwai daɗaɗɗiyar alaƙa tsakanin Hausawa da Abzin, tunda tarihin baka na Gobirawa ya ce daga can suka gangaro kudu. Amma wannan magana ce a kan yankin da wani zamani mai nisa, ba ta tabbatar da cewa Hausa ta riƙe garin Agadas ba yankewa tun farkonsa.

Illar irin wannan tambaya ta zarce ta maki. Ɗalibai ɗari za su zauna awa guda suna ƙirƙiro dalilai don abin da bai faru ba, a ba wanda ya fi iya ƙirƙira maki mafi yawa, sannan su fita da iƙirarin a kansu a matsayin ilimi, domin ɗalibi ya fi riƙe abin da ya gani a takardar jarrabawa fiye da abin da ya ji a aji. Da yawansu malaman makaranta za su zama. Abin ban sha'awa shi ne, tambayar da aka gyara ta fi ta farko armashi: a bayyana yadda Hausa ta maye gurbin harshen Songai a Agadas, da abubuwan da ke sa al'umma ta bar harshenta ta kama wani. Nan ɗalibi zai yi maganar fatauci da ayarin gishiri da auratayya da matsayin harshen kasuwa, ya nuna abin da ya koya a darasin harshe da al'umma.

Tambaya ta biyar tana nuna wani nau'in, wato iƙirarin da littafi ya gada daga littafi. Tsofaffin taswirori da littattafan labarin ƙasa da dama sun ce dutsen Girebun, wanda ake rubutawa Gréboun, shi ne mafi tsawo a Nijar, suka ba shi mita 2,310. Awon da ya biyo baya ya nuna tsawonsa mita 1,944 ne, kuma ƙololuwar ƙasar ita ce Idukal-n-Tagas a duwatsun Bagzan, mai mita 2,022. Malamin da ya duba littafi uku ya ga Girebun a dukkansu zai ɗauka ya tabbatar. Amma idan na biyu da na uku daga na farko suka kwafa, shaida ɗaya ce ya gani sau uku. Tantancewa ta gaskiya tana neman tushe biyu da ba su dogara da juna ba, tana kuma duba shekarar bugun kowanne.

Shekarar bugu tana da muhimmanci ta wata fuskar ma, domin akwai maganar da ta kasance gaskiya jiya ta daina yau. Shekara da shekaru amsar tambayar harshen hukuma a Nijar ita ce Faransanci, dokar 2001 kuma ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, ciki har da Hausa da Tamajak da Tasawak. A watan Maris na 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Malamin da ya ciro tambayar da ya yi amfani da ita shekara biyar baya ya sake bugawa zai ci tarar ɗalibin da ke sauraron labarai. Duk tambayar da ta shafi doka ko yawan jama'a ko mai riƙe da muƙami, wajibi ne a sa mata shekara: «bisa dokar 2001», «bisa ƙidayar 2012».

Yadda aikin ya kamata ya gudana

Tsarin da ke kama irin waɗannan kurakurai ba ya buƙatar kuɗi, tsari yake buƙata. Mataki na farko, kuma mafi muhimmanci, shi ne a ba mai tantancewa tambayoyin ba tare da takardar amsoshi ba, ya amsa su kamar ɗalibi. Idan ya ga amsar tun farko, idonsa zai bi ta ya yarda. Idan kuwa shi ya rubuta Tagama alhali takardar ta ce Kawsan, ko ya tsaya yana tunanin 1515 ake so ko 1844, an gano ramin kafin kowa ya faɗa. Duk inda malami ƙwararre ya yi jinkiri, ɗalibi zai yi tuntuɓe.

Mataki na biyu shi ne ya ja layi a ƙarƙashin kowace lamba da kowane suna, ya kuma fitar da iƙirarin da ke ɓoye a kowace tambaya ya rubuta shi a jimlar bayani. A gaban kowane ɗaya ya rubuta littafin da ya tabbatar da shi da shafi da shekarar bugu. Abin da ya rasa tushe biyu masu zaman kansu, ko wanda tushen suka saɓa a kansa, ya mayar wa mai tsarawa da shawarar yadda za a sauya lafazin. Mataki na uku shi ne su zauna tare su kammala takardar amsoshi, da dukkan siffofin sunaye da shekarun da za a karɓa.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda aka fi mantawa: karanta kwafin da ya fito daga injin bugu, wanda shi ne ɗalibi zai riƙe. Hannun mai buga rubutu na iya mayar da 1916 ta zama 1961, ko 1844 ta zama 1484. A takardar Hausa kuma akwai haɗarin haruffa masu ƙugiya, waɗanda ba su kan madannan injin da aka saba amfani da su, kuma sukan ɓace idan aka buɗe takardar a wata na'ura. Tambayar da ta dogara da bambancin «kafa» da «ƙafa», ko «baki» da «baƙi», ta mutu idan ƙugiyar ta faɗi. Haka nan ƙa'idar Nijar tana rubuta ƴ inda ta Nijeriya ke rubuta 'y, don haka sai an faɗa wa masu dubawa ko za a karɓi duka biyun. Jarrabawa mai tambaya biyar irin wadda aka yi misali da ita ba za ta ci wa mai tantancewa fiye da yini ɗaya ba, idan littattafan suna kusa.

Abin da masu ja ke cewa

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa ita ce ta sirri. Duk idon da aka ƙara a kan takarda, an ƙara ƙofar da tambayoyi za su iya fita, kuma duk wanda ya san abin da satar jarrabawa ke jawowa ba zai raina wannan tsoro ba. Amma abin da ake nema mutum ɗaya ne, sananne, wanda zai yi aikin a ofishin sashe, a kan takarda, ya sa hannu da kwanan wata. Takardar ta riga ta bi ta hannun mai bugawa da mai kwafi, waɗanda ba a ce a daina amfani da su saboda sirri ba. Idan aka amince da mai injin kwafi, babu dalilin ƙin amincewa da abokin aiki. Sa hannun ma yana ƙara tsaro, domin yana nuna wa ya ga takardar da kuma yaushe.

Hujja ta biyu ita ce a bari sai kuskure ya bayyana a gyara, a soke tambayar a raba wa kowa makinta. Wannan ba ya mayar da abin da aka rasa. Ɗalibin da ya gane akwai matsala ya ɓata minti ashirin yana kokawa da ita, hankalinsa ya tashi, sauran amsoshinsa suka raunana. Wanda bai lura da komai ba ya wuce abinsa. Raba maki daidai bai biya na farko lokacinsa ba. Ban da haka, soke tambaya yana faruwa ne kawai idan wani ya lura ya kuma yi ƙarfin halin magana, kuma ɗalibin shekarar farko ba kasafai yake iya tunkarar malaminsa da cewa takardarsa ta yi kuskure ba.

Hujja ta uku ba a faɗin ta a fili, amma ita ce ta fi hana aikin: malami yana jin cewa miƙa tambayoyinsa ga wani tamkar amincewa ne da gazawa, balle idan mai dubawar ƙaraminsa ne a muƙami. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya rubuta jimla yana karanta abin da ya yi niyyar faɗa, shi ya sa kuskurensa ke ɓuya masa komai zurfin iliminsa. Malamin da ba zai aika maƙala ga mujalla ba sai ya yarda masana biyu su tantance ta, bai kamata ya ji nauyin a duba takardar da za ta yanke wa ɗalibai hukuncin shekara guda ba. Hanyar cire kunyar ita ce a mayar da abin doka a kan kowa, daga farfesa har mataimakin malami, ta yadda ba wanda zai ji an ware shi.

Sassan harsuna su ne suka fi cancantar fara wannan, tunda yawancin kurakuran da aka gani a sama na lafazi ne: aikatau mai ma'ana biyu, suna mai siffa uku, tambaya mai ɗauke da hukunci a cikinta. Abin da ake buƙata shi ne shugaban sashe ya sa ranar miƙa tambayoyi ta gabaci jarrabawa da mako biyu, ya naɗa wa kowace takarda mai tantancewa, kada kuma a kai ta wurin bugu sai da sa hannu biyu. A ajiye takardar tushe da ta amsoshi a fayil ɗin sashe, domin wanda zai koyar da darasin baɗi ya tarar an riga an rubuta masa cewa 807 ta Hijira ta faɗa tsakanin 1404 da 1405, kuma Sarkin Agadas a 1916 Tagama ne.